Yadda ake lissafa cunkoson ƙasa daga zoben samfur, a fitar da kafofinta da yawan ruwan da ke cikinta

Idan ka ɗauki ƙasar lambu biyu, ɗaya daga jigawar wajen Daura, ɗaya daga laka ta fadama, ka busar da su, sikeli zai iya ce maka ta jigawa tana da ruwa kashi 9.7 cikin ɗari, ta fadama kuma kashi 12. Wanda bai saba ba sai ya yanke hukunci cewa ta fadama ta fi ruwa. Alhali idan aka duba ruwan da ke cikin santimita ashirin na sama a kowane lambu, kusan milimita 30 ne a duka biyun. Abin da ya haɗa su shi ne cunkoson ƙasa, wanda ma'aikatan ɗakin gwaji ke kira balk densiti, ana rubuta shi `ρb`. Ma'anarsa nauyin busasshiyar ƙasa da ke cikin kowane santimita kyub ɗaya, kamar yadda take kwance a gona, da ƙwayoyinta da kafofin da ke tsakaninsu.

Lissafin kansa bai wuce layi huɗu ba. Wahalar tana wurin abu biyu da lissafin ya ɗauka a matsayin gaskiya: cewa ƙasar da ke cikin zobe daidai take da girman cikin zoben, ba daɗi ba ragi, kuma cewa ta bushe ƙarau kafin awo na biyu. Kusan duk lambar banza da ake gani a rahoton ɗalibai daga ɗayan biyun nan ta fito.

Kayan aiki, da awon zobe tun kafin a fita

Zoben da aka fi amfani da shi na baƙin ƙarfe ne marar tsatsa, faɗin cikinsa santimita 5.0, tsayinsa 5.1, bakinsa na ƙasa a wase kamar wuƙa. Ana kiransa zoben 100 cm³. Bayan shi kana buƙatar murafe biyu ga kowane zobe, wani zoben daban da za ka ɗora a sama lokacin bugawa, guntun katako, guduma, wuƙa mai miƙaƙƙen baki, cokalin magina ko ƙaramin shebur, leda da selotef, da alƙalamin maka. A ɗakin gwaji kuma sikelin da ke karanta giram 0.1, obin mai kaiwa digiri 105, ƙananan farantan alminiyam, rariya mai ido milimita 2, da silinda mai lambobi.

Idan babu zoben kanti, mai walda zai iya yanko maka daga bututun ƙarfe, ya wasa ɗaya bakin ta waje. Ta waje, ba ta ciki ba, domin idan aka wasa ta ciki bakin zai fi cikin faɗi, ƙasa ta riƙa matsewa tana shiga. Gwangwanin tumatir kam a bar shi, yana lanƙwashewa a bugu na biyu.

Kowane zobe a rubuta masa lamba, a auna shi shi kaɗai da ma'aunin kalifa. Faɗin ciki a wuri uku, tsayi a wuri uku, a ɗauki matsakaici. Kada ka yarda da abin da aka rubuta a jikin akwati, balle zoben mai walda. Girman ciki kuwa haka ake samunsa:

```
V = π × (D/2)² × h
V = 3.1416 × 2.5² × 5.10 = 100.14 cm³
```

Dalilin wannan tsanani shi ne faɗin yana shiga lissafi sau biyu. Kuskuren milimita ɗaya a tsayi yana canza girma da kashi 2 cikin ɗari, amma milimita ɗaya a faɗi kashi 4 yake kawowa. Wanda ya ɗora kalifa ta waje ya karanta 5.3 maimakon 5.0, girman zobensa zai koma 112.5 cm³, kuma ƙasar da cunkosonta yake 1.58 za ta fito masa 1.41. Mugun abin shi ne 1.41 lamba ce mai kyan gani, babu wanda zai tsaya ya tuhume ta. Gara ma wanda ya manta raba faɗi biyu, shi nasa zai fito 0.39, ko makaho ya san ba ƙasar gona ba ce.

Sai a auna nauyin kowane zobe tare da farantin da za a busar da shi a kai, a rubuta. Wannan shi ne nauyin fanko.

Ɗaukar samfur a gona

Fara yanke shawarar inda za ka ɗauka. A gonar da aka yi wa huɗa, kan kunya da cikin kwari ƙasa biyu ce daban: kan kunya garma ta tayar da ita tana da sako-sako, cikin kwari kuwa ƙafar mutum da ta shanu sun tattake. Ka zaɓi ɗaya ka rubuta, ko ka ɗauki kowanne daban. Ka kauce wa hanyar da ake bi, da gindin bishiya, da wurin da aka taɓa tara taki, da kusa da suri.

Ka share ciyawa da karmami ba tare da ka taka wurin ba. Idan kana son lambar da za ta wakilci santimita 0 zuwa 20, ka haƙa ka daidaita shimfiɗa a zurfin kamar santimita 7 ko 8, yadda zoben zai zauna a tsakiyar wannan kaurin. Mafi kyau dai a ɗauki 0 zuwa 10 daban, 10 zuwa 20 daban. Ka ajiye zoben bakin kaifi a ƙasa, ka ɗora na biyu a kansa, katako a saman duka, sannan ka buga. Bugu kaɗan masu nauyi, a tsaye cak, sun fi ƙananan bugu hamsin, saboda girgiza ce ke wargaza ƙasa. Ka tsaya idan zoben ƙasa ya nutse gaba ɗaya, ƙasa ta hau cikin na sama da kamar santimita ɗaya. Amfanin zoben saman ke nan: katako ba zai taɓa fuskar ƙasar ba balle ya danne ta.

Kafin ka tono, leƙa ciki. Fuskar ƙasar da ke cikin zobe ya kamata ta yi daidai da ta waje. Idan ta ciki ta faɗa ƙasa da milimita biyu ko uku, ta matse, kuma zoben ya haɗiyi ƙasar da ta fi girmansa. Wannan yakan faru a jiƙaƙƙiyar laka. Idan kuma ta ciki ta tsattsage ta kumburo, bugu ya farfasa ta, abin da ke faruwa a busasshiyar ƙasa mai tauri. Duka biyun zubarwa ake yi a matsa gaba da taki ɗaya a sake. Minti biyar ne a gona, amma babu lissafin da zai gyara shi a ofis.

Sai ka tona kewaye da zoben, ka zura cokalin magina can ƙasa da bakinsa, ka ɗago shi da ragowar ƙasa a manne. Ka zame zoben sama a hankali, ka aske ƙasar da ta yi tozo da wuƙa, kaɗan-kaɗan daga gefe zuwa tsakiya, har ta yi daidai da bakin ƙarfe. Ka rufe, ka juya, ka aske ɗaya gefen. Saiwa idan ta fito, almakashi ake sa mata, ba a jan ta. Ka goge ƙasar da ta manne a jikin zoben ta waje, domin ita ma sikeli zai ƙirga ta.

A nan ne ƙasar arewacin Katsina take ba mutane wuya. Jigawar Daura, Mai'adua, Zango da Ɓaure yawancinta rairayi ne, idan rani ya yi ba ta da abin da zai riƙe ta a cikin zobe, kana ɗagowa tana zubewa ta ƙasa. Ramin da bai wuce kaurin milimita ɗaya ba a faɗin gindin zobe kusan 2 cm³ ne, wato giram 3 na ƙasa, kuma ya isa ya mayar da 1.58 ta koma 1.55. Kada a cike ramin da hannu. Maganinsa shi ne a jiƙa wurin tun jiya: a zuba bokiti ɗaya ko biyu a hankali kan buhu don kada ruwa ya kwarzane fuskar ƙasa, a rufe da buhun, a dawo washegari. Rairayi ba ya kumbura idan ya sha ruwa, saboda haka cunkoson bai canza ba. Sai dai ruwan da ke cikin wannan zoben naka ne, ba na gonar ba. Idan kana son sanin ruwan gonar, ka ɗebi ƙasa daban a daidai wannan zurfin, nesa da inda ka jiƙa, ka zuba a gwangwani mai murfi. Za mu ga yadda ake haɗa biyun a lissafi.

Rufe murafe, naɗe da selotef, saka a leda, ajiye a inuwa. Da hunturu iska ba ta da laima ko kaɗan, samfurin da aka bari a buɗe a bayan mota zai rasa ruwa kafin a isa gari. Ruwan duka giram goma sha biyar ne a misalin da za mu gani a gaba, ka ga rasa giram ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Wanda yake da ƙaramin sikeli mai batir, ya yi awon jiƙaƙƙe a gonar ya huta, amma ya kare shi daga iska, ya ɗora shi kan abu mai lebur.

A kowane zurfi a ɗauki zobe uku aƙalla. Biyar sun fi.

Busarwa

Da isowa, cire murafe, kakkaɓe abin da ya manne musu cikin faranti, ɗora zoben a kan farantinsa, auna. Wannan nauyin jiƙaƙƙe ne. Murafen roba ba sa shiga obin. Sa samfur a digiri 105 na awa 24. An zaɓi 105 ne domin ya ɗara tafasar ruwa kaɗan, yana korar ruwan da ke manne da ƙwayoyin ƙasa ba tare da ya ƙone ruɓaɓɓen ganyen da ke cikinta ba.

Awa 24 ɗin ana nufin obin yana kan 105, ba awa 24 na agogon bango ba. Idan an ɗauke wuta da tsakar dare aka dawo da ita da hantsi, ba ka san awa nawa aka yi ba, kuma ba ka buƙatar sani. Ka fitar, ka bar shi ya huce a cikin tukunyar gilashi mai murfi da silika, ka auna, ka mayar obin na awa uku ko huɗu, ka sake aunawa. Idan bambancin bai wuce giram 0.1 ko 0.2 ba, ya bushe. Idan ya wuce, ya koma. Laka a dunƙule cikin zobe takan ci awa 48. Kada a auna da zafi, domin iskar da ke tashi daga faranti mai zafi tana sa sikeli rawa, yakan karanta ƙasa da gaskiya. Kada kuma a cusa sababbin jiƙaƙƙun samfura cikin obin alhali na jiya suna dab da fita, tururin sababbin zai koma cikin tsofaffin.

Shanya a rana, ko da ranar Afrilu ce ta Katsina, ba ta maye gurbin obin. Rairayi yakan rage da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma laka tana riƙe kashi da dama cikin ɗari ko da a hannu ta yi kamar gari.

Lissafin, da misali guda daga farko har ƙarshe

Mu ɗauki lambun albasa a wajen Daura, ƙasa mai rairayi da ɗan jiki, kwana huɗu bayan ban ruwa. Zobe mai lamba 7, girmansa 100.14 cm³. Sikeli ya ba da lamba uku: fanko giram 118.6, jiƙaƙƙe da fanko giram 292.1, busasshe da fanko giram 276.8.

Busasshiyar ƙasa ita ce 276.8 a debe 118.6, giram 158.2 ke nan. Ruwan da ya tashi shi ne 292.1 a debe 276.8, giram 15.3. Daga waɗannan biyun komai zai fito.

```
ρb = Ms / V = 158.2 / 100.14 = 1.58 g/cm³
```

Lamba biyu bayan ɗigo sun isa. Rubuta 1.5798 ƙarya ce mai ado, tunda askin wuƙa kaɗai ya fi wannan kuskure. Ƙasa mai rairayi yawanci tana faɗawa tsakanin 1.5 da 1.7, laka mai kyan gini tsakanin 1.1 da 1.4. Mutane kan yi mamaki cewa rairayi ya fi laka cunkoso, ganin ya fi sauƙin haƙa. Kafofin rairayi manya ne amma jimillarsu kaɗan ce, na laka ƙanana ne amma ba su ƙirguwa. Saboda haka ba a yi wa lambar hukunci sai an san irin ƙasar: 1.58 a jigawa lafiya lau ne, sai ta kusa 1.8 saiwa ke fara shan wuya, amma 1.58 a laka ƙasa ce da ta riga ta danƙare.

Kafofi, wato forositi, su ne kason girman ƙasa da ba ƙwaya ba, inda ruwa da iska ke zama. Ba a auna su kai tsaye. Ana cewa ne: da a ce babu kafa ko ɗaya, ƙasar za ta yi nauyin dutsen da ƙwayoyinta suka fito, wanda ake ɗauka 2.65 g/cm³, nauyin ma'adinin kwaz da ya fi yawa a rairayi. Giram 158.2 na ƙwayoyi zalla zai ci 158.2 a raba da 2.65, wato 59.7 cm³. Abin da ya rage a zoben, 40.4 cm³, kafofi ne. A taƙaice:

```
f = 1 − (ρb / ρs) = 1 − (1.58 / 2.65) = 0.404
```

Kashi 40.4 cikin ɗari. Ka tuna 2.65 ɗin ɗauka aka yi, ba aunawa ba. A jigawar Katsina, inda ruɓaɓɓen ganye bai da yawa, ɗauka ce mai kyau. Ƙasar da ta sha takin gida shekara da shekaru tana sauka ƙasa da haka, jar ƙasa mai ƙarfe da yawa tana hawa sama. Da 2.60 kafofin misalinmu za su zama kashi 39.2, da 2.70 kuma 41.5. Bambancin bai kai a fasa aiki ba, amma a rubuta a rahoto lambar da aka yi amfani da ita.

Sai ruwa. Ruwa bisa nauyi shi ne nauyin ruwa a raba da nauyin busasshiyar ƙasa:

```
θg = Mw / Ms = 15.3 / 158.2 = 0.0967
θv = θg × ρb / ρw = 0.0967 × 1.58 / 1.00 = 0.153
```

Busasshiyar, ba jiƙaƙƙiyar ba. 'Yan hatsi da masu gwajin abinci suna raba ruwa da nauyin jiƙaƙƙe, kuma daidai ne a fanninsu, shi ya sa wanda ya zo daga can yakan kawo al'adar. A nan idan ka raba 15.3 da 173.5 za ka sami kashi 8.8 maimakon 9.7, ruwa bisa girma ya faɗo zuwa 0.139.

Layi na biyu shi ne ruwa bisa girma: a kowane 100 cm³ na ƙasar lambun akwai 15.3 cm³ na ruwa. `ρw` nauyin ruwa ne, giram ɗaya a kowane cm³, bai canza lambar ba, yana nan ne don ma'aunai su soke juna. Idan daga zobe ɗaya aka sami komai, akwai gajeriyar hanya: raba 15.3 da 100.14, amsar 0.153 ce dai. Ka riƙa yin duka biyun, idan ba su haɗu ba akwai inda hannu ya zame. To me ya sa ake koyar da doguwar hanyar? Saboda cunkoso ba ya canzawa kowace rana, ruwa kuwa yana canzawa. Sau ɗaya za ka sha wahalar zobe a farkon shuka ka sami 1.58, bayan nan duk mako ƙasa kawai za ka ɗeba a gwangwani, ka busar, ka sami `θg`, ka ninka da 1.58. Haka ma wanda ya jiƙa wuri don zobe ya kama: cunkoso daga zobe, `θg` daga gwangwanin da ya ɗeba a busasshen gefe. Sharaɗin dai zurfinsu ya zama ɗaya, kuma kada a yi huɗa ko kaftu a tsakani. Idan garma ta shiga, tsohuwar lambar ta mutu.

Koma kan lakar da aka ambata a farko: kashi 12 bisa nauyi, cunkoso 1.25, ninka su ka sami 0.150. Ga ta nan kafaɗa da kafaɗa da 0.153 na jigawa. Wannan bai nuna albasa za ta sha daidai a wuraren biyu ba, domin laka tana riƙe ruwanta da ƙarfi, a 0.15 mai yiwuwa shuka ta fara yaushi, jigawa kuwa a 0.15 tana cikin wadata.

Daga nan abu biyu suna fitowa kyauta. Kafofin da iska ke ciki su ne 0.404 a debe 0.153, wato 0.251, rubu'in ƙasar iska ce. Idan wannan lambar ta sauka ƙasa da 0.10, yawancin amfanin gona, ban da irin su shinkafa, saiwarsu takan fara shaƙewa. Sannan 0.153 a raba da 0.404 ya nuna kashi 38 cikin ɗari na kafofin ne ke da ruwa.

Mayar da shi milimita da lita

Mai lambu ba ya ban ruwa da kashi cikin ɗari. Ninka ruwa bisa girma da kaurin ƙasar a milimita: 0.153 sau 200 ya ba da milimita 30.6 a santimita ashirin na sama. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, a kan hekta kuma lita 10,000. Lambun yana riƙe da lita 306,000 a hekta a wannan kaurin.

Lambar da ta fi amfani ita ce gibin. A ce an taɓa ƙosar da wannan ƙasa da ruwa, aka rufe ta da leda kwana biyu har rarar ta tsiyaye, aka auna aka sami 0.200. Wannan shi ne iyakar abin da take iya riƙewa. Gibin yau 0.200 a debe 0.153, wato 0.047, sau 200 ya zama milimita 9.4. Fangali mai mita biyu da uku yana buƙatar lita 56, jarka biyu masu lita 25 da ɗan ƙari, kafin a lissafa asarar hanya. Abin da aka zuba fiye da haka wucewa zai yi ƙasa da saiwa, ya tafi da takin zamani. Wanda ya raba ruwa da nauyin jiƙaƙƙe ya sami 0.139 zai lissafa gibin milimita 12.2, ya ƙona man injin da bai kamata ba.

Idan zurfi biyu ka ɗauka, kowanne a lissafa milimitarsa daban da nasa cunkoson, sannan a tara. Kada a haɗa matsakaicin cunkoso da matsakaicin ruwa a ninka.

Idan akwai tsakuwa

A wuraren da marmara ta kusa fitowa fili, zobe yakan fito da tsakuwa a ciki, kuma ita ce ke sa a yi wa ƙasa sharrin danƙarewa. Ga zobe mai busasshen nauyi giram 171.0. Kai tsaye cunkosonsa 1.71. A murje ƙasar a hankali, a tankaɗe a rariyar milimita 2, a wanke abin da ya tsaya, a busar, a auna: giram 38.0. A zuba ruwa a silinda har 50, a jefa tsakuwar, ruwa ya hau 64, girmanta 14 cm³ ke nan. Tsakuwar marmara tana da 'yan kafofi tana shan ruwa, don haka a jiƙa ta tukuna a goge jikinta kafin a jefa.

```
ρb = (171.0 − 38.0) / (100.14 − 14) = 1.54 g/cm³
```

Wacce za a ɗauka, 1.71 ko 1.54? Ya danganta da tambayar. Idan ana son sanin ko saiwa za ta ratsa, ko za a kwatanta da wata gona, 1.54 ce, domin a cikin lallausar ƙasa saiwa ke tafiya. Idan milimitar ruwa ake nema, a raba ruwan da ya tashi da girman zobe gaba ɗaya, tunda tsakuwar ma tana cin wuri a gona. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauki `θg` na tankaɗaɗɗiyar ƙasa a ninka da 1.71, ko a ninka da 1.54 a manta cire kashi 14 na tsakuwa. Duka biyun suna ƙara ruwan da babu shi. Idan tsakuwa ta yi yawa har zobe yana ƙara yana karkacewa, zobe ba kayan aikin wurin ba ne. Sai a haƙa ɗan rami, a kwashe duk abin da ya fito a auna, a shimfiɗa siririyar leda a ramin, a cika da ruwa daga silinda don a san girmansa.

Baƙar lakar fadama mai tsagewa da rani tana da nata halin: tana kumbura idan ta jiƙe, tana tsukewa idan ta bushe, cunkosonta yana tafiya da ruwanta. Zoben da aka kafa tsakanin tsaga biyu a watan Maris zai ba da lamba mai girma da ba ta ƙirga tsagogin ba. A ɗauka lokacin da take da danshi tsagogi sun rufe, a rubuta yawan ruwanta kusa da cunkoson. Idan ta fito daga obin ta tsuke ta bar gefen zobe, girman zoben ne dai ake raba da shi, ba na dunƙulen da ya rage ba.

Tantance lambobi

Ga mai samfura da yawa, a jera su a Excel: `B` faɗi, `C` tsayi, `D` fanko, `E` jiƙaƙƙe, `F` busasshe.

```
G2: =PI()*(B2/2)^2*C2
H2: =(F2-D2)/G2
I2: =(E2-F2)/(F2-D2)
J2: =I2*H2
K2: =1-H2/2.65
L2: =K2-J2
```

Layin `L` shi ne mai gadi. Ruwa ba zai fi kafofin da yake zaune a ciki yawa ba, saboda haka idan `L` ta fito ƙasa da sifili akwai ɓarna: ko zoben ya matse ƙasa, ko an rubuta nauyin fanko na wani zoben, ko 2.65 ta yi wa wannan ƙasa kaɗan. Idan an manta cire fanko baki ɗaya, misalinmu zai fito 2.76, ya wuce dutse, kafofi su koma ƙasa da sifili.

Wanda ba ya nuna kansa shi ne ƙarancin busarwa. A ce giram 3 na ruwa ya maƙale a samfurin Daura. Busasshen nauyi zai karanta 161.2, cunkoso 1.61, kuskuren kashi 2 kacal, ba wanda zai lura. Amma ruwa zai sauka daga 15.3 zuwa 12.3, ruwa bisa girma ya koma 0.123, an yi asarar kashi ɗaya cikin biyar. Alamarsa ita ce duk samfuran da suka fita obin rana ɗaya su yi sama kaɗan a cunkoso, su yi ƙasa sosai a ruwa, idan aka gwada su da na wata rana daga gona ɗaya. Shi ya sa ranar busarwa take da nata layi a littafin aiki.

Sai a jera zobba na wuri ɗaya a dube su tare. 1.58, 1.55 da 1.61 'yan gida ɗaya ne, matsakaicinsu 1.58. Idan na huɗu ya zo da 1.38, kada a jefar da shi don kawai ya ɓata layi, kada kuma a haɗa shi a rufe ido. A turo busasshiyar ƙasar daga zoben a fasa ta a faranti. Sau da yawa za a tarar da hanyar gara, ko ramin tsohuwar saiwa, ko a duba littafi a ga an rubuta cewa gindinsa ya zube. Idan zubewa ce, a cire shi a rubuta dalili. Idan hanyar gara ce, kafa ce ta gaskiya da ruwa ke bi a gonar, sai a bar shi a ƙara yawan zobba a wurin zuwa biyar ko shida.